Waiwaye: An cire a can, bai shiga a nan ba

Duk wanda ya yi ciniki a Lambata a watan Fabrairun 2023 bai manta da shi ba. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar zai sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka tsayar da 31 ga Janairu a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbin ba su fito yadda za su wadaci jama'a ba, sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin har ƙarshen shekara. Garin da abincinsa ke kan titi, inda hanyar Suleja zuwa Minna ta haɗu da wadda ta nufi Lapai da Bida, ba ya iya dakatar da ciniki ya jira kotu. Masu doya da masu hatsi da masu sayar wa direbobi abinci, waɗanda a da ba su yarda da komai ba sai abin da suka ƙirga da hannu, suka koma karɓar kati, wasu da injin POS nasu, wasu ta hannun yaron da ke zaune ƙarƙashin lema da nasa injin. A makonnin nan ne magana ɗaya ta cika kasuwanni: an cire mini kuɗi, shi kuma ya ce bai shiga ba.

Ƙarancin kuɗin ya wuce, maganar ba ta wuce ba, domin katin ya zauna daram. Abin da na lura da shi tun lokacin shi ne, mutane biyu masu gaskiya suna iya ɓata da juna a kan kuɗin da ba ya hannun ko ɗayansu. Kuma idan rigimar ta bar bakin kasuwa ta shiga banki, ba a tambayar wa ya fi mutunci ko wa ya fi rantsuwa. Takarda ake dubawa, da lokacin da aka kawo ta.

Bari in kafa misali da irin abin da aka yi ta gani, mu bi shi daki-daki. Wani ɗan kasuwa ya taso daga Suleja ya sayi ƙwaryar doya, wato ƙwaya ɗari, a kan naira 85,000. Mai doya yana da injinsa. Aka sa kati, mai saye ya danna lambar sirri, injin ya yi ta juyi, can ya fitar da rasit:

```
AMOUNT: NGN 85,000.00
RESPONSE CODE: 91
DECLINED
RRN: 000000412907
```

Kafin a gama duba takardar, wayar mai saye ta yi ƙara, alat ya shigo, an cire 85,000. Ya nuna wa mai doya. Mai doya ya duba nasa asusun, babu komai. Mota tana jira, rana tana yi, sai aka ce a sake gwadawa. Bayan minti biyar aka sake sa katin, wannan karon takardar ta fito haka:

```
AMOUNT: NGN 85,000.00
RESPONSE CODE: 00
APPROVED
RRN: 000000412911
```

Aka loda doya. Mai saye ya kama hanya da alat biyu a wayarsa, naira 170,000 sun bar asusunsa a kan kayan 85,000.

Kafin a ce wani ya ci amana, a san hanyar da saƙon ya bi. Injin da ke hannun mai doya ba ya magana da bankin mai saye kai tsaye. Yana tura buƙatar ne ta wurin mai tattara saƙonnin injina, aikin da NIBSS ta daɗe tana yi ita kaɗai, har aka ba Unified Payments lasisi na biyu a 2024. Daga nan saƙon ya bi ta kamfanin da ke sada bankuna, irin su Interswitch, ya isa bankin da ya ba mai saye katinsa. Bankin ya duba lambar sirri, ya duba akwai kuɗi, ya cire, ya aiko da amsa ta hanyar da saƙon ya zo. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan amsar ta makara, ko netwok ya yanke tana hanya, wanda ke tsakiya ko injin kansa zai gaji da jira ya rubuta cewa bai yi ba. Lamba 91 ma'anarta ke nan: ba a samu bankin mai kati ko mai sadarwar ba a kan lokaci. A ƙa'ida, nan take ake aika wani saƙo na biyu a ce wa bankin ya mayar da abin da ya cire. Shi ya sa sau da yawa kuɗin kan dawo da kansa bayan 'yan mintuna ko 'yan awanni. Amma saƙon mayarwar ma hanya ɗaya yake bi da na farko, kuma a Fabrairun 2023 hanyar ta cunkushe fiye da yadda aka gina ta ta ɗauka. Idan shi ma ya ɓace, kuɗin ya bar asusun mai saye, bai je na mai doya ba, yana zaune a wani asusun wucin gadi a cikin tsarin bankuna har sai an daidaita lissafi ko wani ya kai ƙara.

Alat, ke nan, shaida ce cewa an cire. Ba shaida ba ce cewa an biya. Abin da ke nuna an biya shi ne `00` da `APPROVED` a kan rasit, da shigar kuɗin a tarihin cinikin injin. Sauran lambobin da aka fi gani ba su da wuyar riƙewa: 51 babu isasshen kuɗi, 55 an kuskure lambar sirri, 96 tsarin ne ya samu matsala. Wanda bai iya karatun boko ba ma yana iya gane sifiri biyu.

A nan ne kuskure mafi tsada yake faruwa, tun kafin a je banki. Mai saye ya dawo washegari da 'yan'uwansa, ya ce: “Alhaji, ka ji tsoron Allah, ga alat biyu.” Mai doya, don gudun a ce ya ci haram a kasuwar da zai kwana ya tashi a cikinta, sai ya ƙirga 85,000 ya ba shi. Bayan kwana uku bankin mai saye ya mayar da kuɗin farko. Yanzu mai saye yana da doya, yana da kuɗinsa na farko, yana kuma da 85,000 na Alhaji, wato doyar ta zama kyauta. Na kirki zai dawo da su. Wani kuwa ba zai ma lura ba, wani ya lura ya yi shiru, kuma wannan haƙƙi ne a wuyansa ko da babu wanda ya gan shi. Amsar da ta dace Alhaji ya bayar tun farko ita ce: “Malam, wannan takardar ta farko ka riƙe ta da kyau, bankinka ne zai dawo maka da shi, ni bai zo wurina ba. Zo ka duba injin da idonka.” Ba rowa ba ce. Kuɗin da aka biya da kati, ta hanyar kati ake mayar da shi, don a nan ne kawai yake barin sawu.

Mu ce Alhaji bai biya ba, kuɗin kuma bai dawo da kansa ba. Mai saye zai kai kuka bankinsa, ba bankin mai doya ba, ba kuma kamfanin injin ba, domin su ba su san shi ba. Ko ya je reshe a Suleja ya cika fom, ko ya shigar da ƙorafin ta manhajar banki ko ta waya. Za a tambaye shi ranar, da adadin kuɗin, da lambobin ƙarshe na katinsa, da inda aka yi cinikin. Abin da ya fi komai amfani shi ne lambar `RRN`, mai gurbi goma sha biyu, wadda da ita ake gane wannan cinikin a cikin dubban da suka wuce a ranar. Akwai kuma `STAN` mai gurbi shida, da lambar injin, `TERMINAL ID`, mai gurbi takwas. Kada ya bar wurin sai an ba shi lambar bin sawun ƙorafinsa. Ba alfarma ba ce, dokokin kare masu hulɗa da banki da Babban Banki ya fitar a 2019 sun wajabta a amsa ƙorafi a kuma ba da wannan lamba.

Bankin mai saye ba ya yanke hukunci a nan. Zai fara duba littafinsa ya ga ko kuɗin yana wurinsa bai fita ba. In haka ne, ya mayar, magana ta ƙare, mai doya ba zai ma ji labari ba. In kuwa an riga an tura kuɗin ɓangaren bankin mai injin a lissafin ranar, sai ya shigar da ƙara a dandalin sasanta rigingimu na kamfanin da ya sada cinikin. Na Interswitch sunansa Arbiter. Ƙarar tana cewa ne: mai katinmu ya ce bai samu abin da ya biya ba, ku kawo hujja ko ku dawo da kuɗin. Daga wannan lokacin agogo ya fara tafiya.

Agogon yana da tarihi. Kafin 2020 kwana biyar ake ba rigimar POS. A tsakiyar annobar korona, lokacin da shiga banki ya zama wahala, Babban Banki ya rage wa'adin daga ranar 8 ga Yunin 2020. Idan ATM na bankinka ne ya riƙe maka kuɗi, a mayar nan take, in ya gagara kada ya wuce awa 24. In na wani banki ne, awa 48. Rigimar POS da ta sayayya ta intanet kuwa a kammala ta cikin awa 72. Ga mai saye wannan sauƙi ne, ko da yake duk wanda ya bi layin banki a 2023 ya san an yi ta tsallake wa'adin da makonni. Ga mai kaya kuwa, wani abu ne daban da ba a cika faɗa masa ba ranar da ake miƙa masa inji. Idan dukan shari'ar awa 72 ce, kuma bankuna biyu da mai sadarwa kowa yana da nasa rabo a ciki, abin da ya rage wa mai doya ya kare kansa kaɗan ne, sau da yawa bai wuce yini guda ba.

Yanzu ga inda misalinmu ya karkace. Ma'aikacin da ya karɓi ƙorafin ya buɗe bayanin asusun mai saye, ya ga 85,000 sau biyu a rana ɗaya, a inji ɗaya, minti biyar tsakani. Mai saye bai zo da rasit ba, ya yar da shi tun a tasha. Sai aka shigar da ƙara a kan duka biyun, ko kuma a kan na biyu, wanda ya yi nasara, a maimakon na farko. Ba mugunta a ciki, layuka biyu ne masu kama da juna. Amma sakamakon shi ne, ƙarar da ke ɗauke da lamba mai ƙarewa da 911 ta isa bankin mai injin, wanda ya duba ya ga lallai wannan kuɗin ya shiga asusun Alhaji. Ya aika masa da saƙo, a manhaja ko ta imel ko ta tes, mai ɗauke da kalmar `Chargeback` ko `Dispute`, da maɓalli biyu, `Accept` da `Decline`. Wasu kamfanonin tun a lokacin suke ɗaure adadin kuɗin a asusun, mutum ya gan shi amma ba zai iya taɓa shi ba.

Alhaji yana kasuwa. Saƙon da Turanci yake, wayar tana hannun ɗansa, imel ɗin kuwa wanda wakilin kamfani ya buɗe masa ne ranar rajista, bai taɓa shiga ba. Wa'adi ya cika. A wannan tsarin shiru amsa laifi ne: ƙarar da ba a mayar wa martani ba ana ɗaukarta an karɓa. Aka cire 85,000 daga asusunsa aka mayar wa mai saye. In ya je ya yi kuka daga baya, za a nuna masa ranar da aka aiko da saƙon da ranar da wa'adin ya cika, kuma a takarda su ke da gaskiya.

Wannan ne wurin da nake ganin an bar ƙananan 'yan kasuwa a baya. Kamfanonin da suka cika ƙauyuka da injina sun iya aiko da yara masu jin Hausa da Gbagyi su tallata inji, su koya yadda ake karɓar kuɗi cikin minti goma. Ba su sa irin wannan himmar wajen koyar da abin da za a yi ranar da ƙara ta zo ba. Saƙon da ke iya cinye ribar mako guda ya cancanci a kira mutum a waya da harshen da yake ji. Har a kai ga haka, dole mai inji ya sa wani ya riƙa buɗe sashen ƙorafe-ƙorafe na manhajar kowace safiya da kowace yamma, kamar yadda ake leƙa rumbu a lokacin damina.

Da Alhaji ya ga saƙon a kan lokaci, me zai kai? Zai danna `Decline`, ya ɗora hoton rasit ɗinsa na cinikin da ake ƙara a kai, ba wani ba. Mai dubawa a bankin mai saye bai san Lambata ba, bai san Alhaji ba, abubuwa kaɗan yake gwadawa da abin da ke gabansa: lambar `RRN` ta yi daidai da ta ƙarar, adadin kuɗi da rana da lokaci sun yi daidai, lambar injin ita ce, lambobin katin da aka bari a buɗe, galibi shida na farko da huɗu na ƙarshe, su ne na mai ƙara, kuma an rubuta `00`. In hoton ya dushe, ko yatsa ya rufe lambar, ko aka ɗora rasit ɗin wani cinikin na 85,000, hujjar ta faɗi. Takardar injin da zafi ake buga ta, ba da tawada ba, shi ya sa wadda aka bari a aljihu ko a gaban mota cikin zafin Maris take komawa fara fat ko ta yi baƙi cikin ɗan lokaci. A ɗauki hotonta a ranar. In ta ɓace, yawancin injina suna sake buga tsohon rasit daga tarihin ciniki.

Sai dai rasit yana tabbatar da cewa kuɗi ya shiga ne kawai. Idan ƙarar ta ce an biya amma ba a ba da kaya ba, ana bukatar abin da ke nuna doyar ta bar hannun mai ita. A nan littafin ciniki na gargajiya yake da daraja: rana, sunan mai saye, lambar wayarsa, abin da ya ɗauka, lambar motar da aka loda wa, da sa hannunsa ko na direba. Mai POS da ke ba da tsabar kuɗi ya fi kowa bukatar wannan, domin kuɗin hannu ba ya barin alama. Waɗanda suka sha wuya a cikinsu yanzu ba sa miƙa manyan kuɗi sai mutum ya sa hannu a littafi ko a bayan rasit. A misalinmu akwai ƙarin hujja mai ƙarfi da Alhaji zai haɗa, wato rasit ɗin farko mai lamba 91, da gajeren bayani cewa an gwada sau biyu, na farko bai yi ba, na biyu ya yi, an ba da kaya. Wannan yana nuna wa bankin inda kuɗin mai saye ya maƙale, ya juya binciken zuwa lamba mai ƙarewa da 907.

Da irin wannan amsa hukuncin ba ya da wuya. Ƙarar da ke kan ciniki na biyu ta faɗi, a saki kuɗin Alhaji. Ta farko kuwa, bankin mai injin zai tabbatar ba a biya kowa ba, a mayar wa mai saye 85,000 ɗinsa. Kowa ya tashi da abin da yake nasa.

Akwai fuska ta uku da adalci ya sa a faɗe ta, domin ba kullum mai kaya ne ake cuta ba. Wani lokaci injin yakan nuna bai yi ba saboda amsar ta yanke a matakin ƙarshe, alhali can sama cinikin ya wuce, kuɗin ya faɗo asusun mai injin da yamma ko washegari. Mai doyar da ke haɗa lissafinsa kullum zai ga 85,000 sau biyu a kan ƙwarya ɗaya. In ƙara ta zo a kan wannan, abin da ya wajaba shi ne `Accept`. Wanda ya danna `Decline` ya ɗora rasit na biyu don ya rufe na farko, ya san abin da ya yi, kuma ba ya daɗewa, tunda lambobin ba za su yi daidai ba. Injin da ƙararraki suka yi wa yawa ana sa masa ido, ana iya ɗaure asusun ko a karɓe injin. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai masu sayen da suka gano raunin tsarin, su karɓi kaya ko tsabar kuɗi, su je banki su ce ba a ba su komai ba, suna fatan mai injin ba zai amsa a kan lokaci ba. Ba abin da ke kama irin waɗannan sai littafi da sa hannu.

Wani zai ce to idan mutum ya ce ba shi ya yi cinikin ba sam, katinsa aka sace? A kan inji wannan ƙarar ba ta cika yin nasara a kan mai kaya ba. Tun wajajen 2010 bankunan Nijeriya suka koma kati mai ɗan ƙarfe a jiki da lambar sirri, kuma idan bayanan cinikin sun nuna injin ya karanta ƙarfen an kuma danna lambar daidai, mai kaya ya fita, maganar ta koma tsakanin mai kati da bankinsa. A sayayya ta intanet ne abin ya juye. Wanda ke tallan kaya a waya yana karɓar kuɗi da kati daga nesa, shi ke ɗaukar asara idan katin sata ne, sai fa in cinikin ya bi ta matakin tantancewa da bankin mai kati ke aiko da lambar amfani sau ɗaya. Shi ma in ƙarar ta rashin isar kaya ce, takardar tasha da sa hannun wanda ya karɓa ne za su cece shi, ba hoton hira kaɗai ba.

Tiransifa kuwa ba ta cikin wannan babin, kuma mutane da yawa suna haɗa su. A kati, mai kaya ne yake jawo kuɗi da izinin mai kati, shi ya sa aka bar ƙofar janyewa. A tiransifa kai ka tura da hannunka. In ta maƙale a hanya ana bin ta da `Session ID` a mayar. In kuwa ta isa, ko da ga wanda ba shi ka nufa ba, banki ba ya ciro ta haka kawai, sai da yardar wanda ya karɓa ko umarnin kotu, in ban da abin da ya shafi zamba, inda saurin kai rahoto yake sa a ɗaure asusun kafin a kwashe.

Asalin wannan ƙofar janyewa daga Amurka take, inda wata doka ta 1974 ta ba mai katin bashi damar ƙalubalantar abin da aka rubuta masa. Kamfanonin kati suka mayar da ita ƙa'idarsu a ko'ina. Ɗan Lambatan da ya biya kuɗin wata jarrabawa ko ya sayi kaya daga waje da katin Visa ko Mastercard, a ƙarƙashin waɗancan ƙa'idojin rigimarsa za ta gudana, kuma tafiyarsu ta fi tsawo. Yawancin ƙararraki ana da kwana 120 a shigar da su. Tun 2018 Visa ta kasa dalilai gida huɗu: zamba, izini, kuskuren sarrafawa, da saɓani tsakanin mai saye da mai kaya, kowanne da lambarsa, misali 13.1 na kayan da ba su iso ba. Lambar ce ke faɗin irin hujjar da za a karɓa, don haka wanda aka yi ƙararsa a kan rashin isar kaya ya kawo shaidar cewa mai katin ne ya yi cinikin, ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Ɓangaren mai kaya yana da kwana 30 a Visa, 45 a Mastercard. In bankin mai kati bai gamsu ba, akwai zagaye na ƙoƙarin sulhu, sannan a miƙa wa kamfanin katin kansa ya yanke. A can ba a kiran kowa ya yi bayani, fayil ake karantawa, kuma wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin shari'ar, ɗaruruwan daloli. Saboda haka ba a cika kai ƙaramin kuɗi wannan matakin ba. Banki yakan gwammace ya haƙura ko ya bar abokin hulɗarsa da asarar, ko da yana ganin da gaskiyarsa.

A gida, wanda hukuncin bai yi masa daɗi ba, ko bankinsa ya yi biris da shi, yana da sauran mataki. Bayan mako biyu da kai ƙorafi ba a warware ba, yana iya rubuta wa Sashen Kare Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, ta `cpd@cbn.gov.ng` ko ta reshen bankin da ke Minna ko Abuja. Takardar ta ƙunshi sunansa da lambar wayarsa, sunan bankin, ranar cinikin da adadin kuɗin, lambar `RRN`, lambar bin sawun da aka ba shi, da kwafin duk abin da ya shiga tsakaninsa da bankin. Kada a sa lambar sirri ko cikakkiyar lambar kati, babu mai bukatarsu. Wanda bai fara kai kuka bankinsa ba, mayar da shi can za a yi. Wannan ƙofar ba ta mai saye ce kaɗai ba. Alhaji ma abokin hulɗa ne a wurin bankin ko kamfanin da ya ba shi inji, kuma in an cire masa kuɗi ba tare da an sanar da shi ba, ko ya kai hujja a kan lokaci aka ƙi dubawa, yana da ikon shigar da nasa ƙorafin ta wannan hanyar. In kuwa wa'adi ne ya kuɓuce masa, abin da ya rage shi ne ya nemi mai sayen kansa, ta hannun shugabannin kasuwa ko ta kotu, da rasit mai `00` da shafin littafin da aka sa wa hannu.